Tambayoyi da amsoshi kan karanta lamba mai bait huɗu daga fayil ba tare da an juya jerin bait ba

Mene ne jerin bait, kuma me ya sa lamba ɗaya take da hanyoyin rubutu biyu?

Bait ɗaya yana ɗauke da bit 8, saboda haka ba zai iya riƙe ƙimar da ta wuce 255 ba. Lambar da ta fi haka girma dole ne a raba ta cikin bait da yawa, kuma idan aka raba ta cikin bait huɗu, kowanne yana da nauyinsa: ɗaya ana ninka shi da 16,777,216, na biye da 65,536, na biye da 256, na ƙarshe kuma da 1. Abin da masu ƙera kwamfuta ba su taɓa yin ittifaƙi a kansa ba shi ne wanne daga cikin huɗun zai fara zuwa. Wasu suna fara ajiye bait mafi nauyi, kamar yadda muke rubuta dubbai kafin ɗaruruwa, kuma wannan shi ne jerin babba-a-gaba, wanda takardun ƙa'ida suke rubutawa `big-endian`. Wasu kuma suna fara ajiye bait mafi ƙarancin nauyi, wato jerin ƙarami-a-gaba, wanda ake rubutawa `little-endian`.

A ɗauki lamba 1920. A tsarin heksa, wato ƙidaya mai tushe 16, ana rubuta ta `0x00000780`. A jerin babba-a-gaba fayil zai ɗauke ta a matsayin `00 00 07 80`, a jerin ƙarami-a-gaba kuwa `80 07 00 00`. Al'amarin ya yi kama da kwanan watan da aka rubuta 03/04, wanda wani zai karanta 3 ga Afrilu, wani kuma 4 ga Maris, alhali babu abin da ke cikin rubutun da zai raba gardama sai an san al'adar wanda ya rubuta. Ya kamata a lura cewa bait ne ake juyawa, ba bit ɗin da ke cikinsu ba: `80` yana nan `80` ko a gaba yake ko a baya.

Jerin da zan yi amfani da shi, na kwamfutata ne ko na fayil?

Na fayil ne, kuma mafi yawan kurakuran da ake yi a wannan fanni daga rashin rarrabe waɗannan biyun suke tasowa. Wanda ya tsara nau'in fayil shi ne ya yanke hukunci kan jerin da lambobinsa za su bi, kuma hukuncin yana nan daram ko a wace na'ura aka buɗe fayil ɗin. Fayil ɗin PNG da JPEG suna bin babba-a-gaba, haka ma fayilolin `.class` na Java da kuma kanun saƙonnin intanet irin su IP da TCP. Fayilolin BMP da WAV da ZIP kuwa suna bin ƙarami-a-gaba.

Furosesa ma tana da nata jerin, wanda take amfani da shi wajen ajiye lambobi a ma'adanarta. Furosesar Intel da AMD da ke cikin yawancin kwamfutocin tebur da na tafi-da-gidanka ƙarami-a-gaba suke bi, haka kuma furosesar ARM da ke cikin wayoyin hannu kusan kullum a wannan jerin ake sarrafa ta, yayin da manyan na'urorin IBM na jerin Z suke bin babba-a-gaba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, idan suka kwafe bait huɗu kai tsaye daga fayil ɗin WAV zuwa ma'adana a kan kwamfutar Intel, amsa tana fitowa daidai, sai su ɗauka hanyar tasu ingantacciya ce, alhali kuwa sa'a ce kawai ta sa jerin fayil da na na'ura suka zo ɗaya. Ranar da suka gwada hanyar a kan fayil ɗin PNG, ranar asirinta yake tonuwa.

Ta yaya zan san jerin da wani fayil yake bi?

Hanya ta farko kuma mafi aminci ita ce a duba takardar ƙa'idar nau'in fayil ɗin, domin duk takardar da ta amsa sunanta tana bayyana wannan tun daga shafukan farko. Wasu nau'o'in kuma sun yarda da jerin biyu, sai su sa alama a farkon fayil don mai karatu ya san wanne aka zaɓa. Fayil ɗin TIFF yana farawa da haruffa `II` idan ƙarami-a-gaba ne, ko `MM` idan babba-a-gaba ne, sannan lamba 42 ta biyo baya a cikin jerin da aka ambata domin tabbatarwa. A irin wannan hali shirin da aka rubuta dole ne ya fara karanta alamar, sannan ya zaɓi hanyar haɗa duk lambobin da za su biyo baya.

Idan babu takarda kuma babu alama, sai a koma ga bincike da ido. A nemi wata ƙima da aka riga aka sani, kamar girman fayil ɗin ko adadin bayanan da ke cikinsa, a mayar da ita heksa, a neme ta ta fuskoki biyun. Ƙananan lambobi suna taimakawa ƙwarai, domin bait ɗinsu masu nauyi sifili ne: idan sifilai suna gaba, kamar `00 00 04 38`, babba-a-gaba ne, idan kuma suna baya, kamar `38 04 00 00`, ƙarami-a-gaba ne. Sai dai wannan dabara tana aiki ne kawai idan an tabbatar da inda lambar ta fara, domin sifilan da ake gani a gaban wata lamba suna iya zama wutsiyar lambar da ta gabace ta.

Za a iya nuna aikin daga farko zuwa ƙarshe a kan fayil na gaske?

Mu ɗauki hoton PNG mai faɗin fiksel 1920 da tsayin fiksel 1080, mu leƙa bait 24 na farkonsa da wannan umarni:

```
$ xxd -g 1 -l 24 hoto.png
00000000: 89 50 4e 47 0d 0a 1a 0a 00 00 00 0d 49 48 44 52
00000010: 00 00 07 80 00 00 04 38
```

An cire shafin haruffan da `xxd` yake nunawa a dama domin sauƙin dubawa. Bait takwas na farko su ne hatimin da kowane PNG yake farawa da shi. Huɗu na biye, `00 00 00 0d`, lamba ce da ke nuna tsawon bayanan sashen farko, wato 13. Huɗun da suka biyo su haruffa ne, `IHDR`, sunan sashen. Daga gurbi na 16, idan ana ƙirgawa daga sifili, sai faɗin hoto, daga gurbi na 20 kuma tsayinsa.

Lissafin faɗin shi ne: sifili sau 16,777,216, da sifili sau 65,536, da 7 sau 256 wanda ya ba da 1792, da 128 (domin `80` a heksa 128 ne), jimla 1920. Tsayin kuma 4 sau 256, wato 1024, da 56, jimla 1080. A harshen Python ga yadda ake yin wannan:

```python
import struct

with open("hoto.png", "rb") as f:
    f.seek(16)
    b = f.read(8)
fadi, tsayi = struct.unpack(">II", b)
```

Alamar `>` ita ce ke cewa babba-a-gaba, kowane `I` kuma yana nufin lamba mai bait huɗu marar alamar ragi. Da an sa `<` a maimakonta, da faɗin ya fito 2,147,942,400, tsayin kuma 939,786,240. Shirin da ya gaskata waɗannan lambobi zai nemi ma'adanar da babu kwamfutar da take da ita, sai ya faɗi a wani wuri mai nisa da inda kuskuren ya faru, wanda hakan ne yake sa gano matsalar ya yi wahala ga wanda bai san alamominta ba.

Waɗanne alamu ne ke nuna cewa an juya jerin?

Babbar alama ita ce ƙaramar lamba ta koma ƙatuwa, kuma idan aka buga ƙatuwar a heksa sai a ga sifilai sun taru a ƙarshenta. Lamba 1 takan koma 16,777,216, kuma duk wanda ya daɗe a wannan aiki yana ganin wannan adadi zai gane abin da ya faru. A fayil ɗin WAV na yau da kullum, yawan samfurin sauti a daƙiƙa yana gurbi na 24, kuma 44,100 tana zaune a can a matsayin `44 ac 00 00`. Wanda ya karanta ta da babba-a-gaba zai sami 1,152,122,880. Shawarar da ta fi kowace amfani ita ce a buga lambar da ake zargi a heksa, a ɗora ta kusa da bait ɗin da ke cikin fayil. A ƙidayar goma, 1920 da 2,147,942,400 ba su da wata alaƙa da ido zai gani, amma `00000780` da `80070000` suna nuna dangantakarsu nan take.

Akwai tarko a kayan dubawar ma. Umarnin `hexdump` idan ba a sa masa `-C` ba, haka ma `od -x`, suna haɗa bait biyu-biyu su nuna su bisa jerin na'urar, don haka a kwamfutar Intel farkon PNG zai bayyana `5089 474e` maimakon `89 50 4e 47`. Mutum yana iya ɓata yini yana gyara shirin da ba shi da laifi saboda wannan. Gara a riƙa amfani da `hexdump -C` ko `xxd -g 1`, waɗanda suke nuna kowane bait a inda yake.

Wajen gwaji kuma, a guji lambobin da juyawa ba ta canza su, irin su sifili ko `ff ff ff ff`. Bait huɗu mabambanta, kamar `01 02 03 04`, su ne suka dace, domin babba-a-gaba zai ba da 16,909,060, ƙarami-a-gaba kuma 67,305,985, kuma kowane irin ruɗani zai fito fili.

A harshen C, me ya sa ba za a karanta kai tsaye cikin `int` ba?

Saboda rubuta `fread(&n, 4, 1, f)` yana zuba bait ɗin cikin ma'adana yadda suka zo, sannan furosesa ta fassara su da nata jerin, wanda fayil bai san da zamansa ba. Hanyar da ta fi ita ce a karanta bait huɗun cikin jeri na `unsigned char`, sannan a haɗa lambar da lissafi:

```c
unsigned char b[4];
if (fread(b, 1, 4, f) != 4)
    return -1;
uint32_t n = (uint32_t)b[0] << 24 | (uint32_t)b[1] << 16
           | (uint32_t)b[2] << 8  | (uint32_t)b[3];
```

Wannan na babba-a-gaba ne, inda alamar `<<` take tura bit zuwa hagu da adadin matakan da aka rubuta, alamar `|` kuma take haɗa sakamakon wuri ɗaya. Idan fayil ɗin ƙarami-a-gaba ne, sai `b[3]` ya sami turi na 24, `b[0]` kuma ya zauna ba turi. Kyawun wannan rubutu shi ne babu inda yake tambayar irin na'urar da yake gudana a kanta, domin tura bit zuwa hagu lissafi ne a kan ƙimar lamba, ba a kan yadda take kwance a ma'adana ba. Amsar da zai bayar a wayar hannu ita ce zai bayar a babbar na'urar IBM. A ganina duk shirin da ya fara da binciken jerin na'ura domin ya yanke shawarar juyawa ko rashin juyawa ya ɗauko wa kansa nauyin da bai zama dole ba, domin yana da rassa biyu, kuma ɗaya daga cikinsu ba a taɓa gwada shi a kwamfutar wanda ya rubuta ba. Masu damuwa da sauri su kwantar da hankalinsu, domin kwamfaila na zamani irin su GCC da Clang, idan aka kunna musu ingantawa, sukan gane wannan salo su mayar da shi umarnin ɗauko lamba guda, tare da umarnin juyawa idan ana bukata.

Ana iya amfani da `ntohl`, wanda yake mayar da lamba daga jerin sadarwar intanet zuwa jerin na'ura, a kan lambar da aka riga aka karanta, kuma yana aiki daidai ga babba-a-gaba, tunda shi ne jerin sadarwa. Iyakarsa ita ce ba shi da abin yi wa fayil mai ƙarami-a-gaba.

Me ya sa aka dage a kan `unsigned char` da kuma `(uint32_t)` a gaban kowane bait?

Kowannensu yana toshe wata ɓaraka ta daban. A na'urori da yawa `char` tsura yana ɗaukar alamar ragi, don haka bait `80` ba 128 yake nufi ba, -128 ne. Kafin a yi lissafi da shi, C yana faɗaɗa shi zuwa `int`, kuma -128 a bit 32 shi ne `0xFFFFFF80`. Idan aka haɗa wannan da sauran bait ta alamar `|`, tarin bit masu ƙimar ɗaya da ke samansa za su binne duk abin da sauran suka kawo, sai faɗin hotonmu ya fito 4,294,967,168 maimakon 1920. Muguntar wannan kuskure ita ce ba ya bayyana sai wani bait ya kai 128: tsayin 1080, wanda bait ɗinsa `04` da `38` ne, zai fito lafiya lau a cikin shiri ɗaya da ya lalata faɗin. Java ma tana da wannan hali domin `byte` ɗinta kullum mai alama ne, shi ya sa ake rubuta `b[i] & 0xFF` a can.

Ɓaraka ta biyu ta shafi bait mafi nauyi. Ko da `unsigned char` ne, ana faɗaɗa shi zuwa `int` mai alama, kuma tura ƙimar da ta kai 128 da mataki 24 yana fitar da ita daga iyakar abin da `int` mai bit 32 zai iya ɗauka, abin da ƙa'idar C ta bari ba tare da fayyace sakamakonsa ba. Sau da yawa amsar tana fitowa daidai duk da haka, amma babu alkawarin hakan. Mayar da bait zuwa `uint32_t` kafin turi shi ke kawar da shakkar.

Idan lambar tana iya zama ƙasa da sifili fa?

Wannan tambaya ce dabam da ta jeri, kuma ita ma takardar ƙa'ida ce ke amsa ta. Bait huɗu marasa alama suna ɗaukar daga 0 zuwa 4,294,967,295, masu alama kuma daga -2,147,483,648 zuwa 2,147,483,647. Misali mai kyau yana cikin BMP, inda a kanun da aka fi amfani da shi tsayin hoto yake gurbi na 22 a matsayin lamba mai alama, kuma idan ta zo ƙasa da sifili tana nufin an jera layukan hoton daga sama zuwa ƙasa maimakon daga ƙasa zuwa sama. Tsayin -1080 yana zaune a fayil a matsayin `c8 fb ff ff`. Wanda ya bi jerin daidai amma ya ɗauke ta marar alama zai sami 4,294,966,216. Alamar wannan kuskure ita ce lamba ta zo dab da biliyan huɗu da miliyan ɗari uku, kuma heksarta ta fara da `ff`. A Python ana magance shi da ƙaramin harafi, wato `"<i"` a maimakon `"<I"`. A C kuwa a fara haɗa lambar a `uint32_t` kamar yadda aka nuna, sannan a kwafe ta cikin `int32_t` da `memcpy`.

Na bi jerin daidai amma har yanzu lambobin ba su fito ba. Ina kuma zan duba?

Wuri na farko shi ne yadda aka buɗe fayil. A Windows, idan aka buɗe da `"r"` maimakon `"rb"` a C, ana ɗaukar fayil ɗin a matsayin rubutu: duk inda `0d 0a` suka zo a jere sai a mayar da su `0a` kaɗai, kuma bait `1a` ana iya ɗaukarsa ƙarshen fayil. Hoto mai faɗin 3338, wanda a babba-a-gaba yake `00 00 0d 0a`, zai rasa bait ɗaya, kuma duk abin da ya biyo baya zai goce da gurbi ɗaya. Waɗanda suka tsara PNG da gangan suka sa `0d 0a` da `1a` da `0a` a cikin hatiminsa, domin irin wannan lalacewa ta bayyana tun daga bait takwas na farko.

Wuri na biyu shi ne karanta kanun fayil gaba ɗaya cikin `struct` na C. Kanun farko na BMP bait 14 ne: biyu na haruffan `BM`, sai huɗu na girman fayil daga gurbi na 2. Kwamfaila yakan cusa bait biyu na ciko bayan filin farko domin lamba mai bait huɗu ta zauna a gurbin da huɗu ke rabawa, sai tsarin ya zama bait 16, kuma kowane fili bayan na farko ya karanta abin da ba nasa ba. Python ma tana da irin wannan: idan ba a sa `<` ko `>` a gaban tsarin `struct` ba, tana bin jeri da girma da cikon na'urar, har ma `l` ya zama bait takwas a Linux mai bit 64, alhali da alamar jeri bait huɗu ne a ko'ina.

Na uku shi ne fayil da ya yanke. Idan bait uku kawai suka rage, `struct.unpack` zai yi ƙorafi ya tsaya, amma `int.from_bytes` zai karɓi ukun ya ba da wata lamba ba tare da ya ce uffan ba, don haka mai amfani da shi ya wajaba ya duba tsawon abin da `read` ya dawo da shi da kansa.

Sauran harsuna wane jeri suke ɗauka idan ba a faɗa musu ba?

Sun sha bamban, kuma ba a dogara da zato a nan. A Java, `DataInputStream.readInt()` kullum babba-a-gaba yake karantawa, `ByteBuffer` ma da shi yake farawa sai an kira `order(ByteOrder.LITTLE_ENDIAN)`. A C#, `BinaryReader.ReadInt32()` kullum ƙarami-a-gaba ne, don haka shirin Java da na C# da suke musayar fayil ɗaya za su saɓa idan kowanne ya bi abin da ya tarar. A JavaScript, `DataView.getUint32(16)` babba-a-gaba ne sai an ƙara `true` a matsayin ƙima ta biyu, yayin da `Uint32Array` yake bin jerin na'ura. A Python, tun daga siga ta 3.11 `int.from_bytes` yana ɗaukar `"big"` idan ba a ambaci jeri ba, amma a sigogin da suka gabata dole ne a rubuta shi, saboda haka rubuta `"big"` ko `"little"` a fili yana aiki a dukkansu kuma yana sanar da mai karanta shirin abin da aka nufa.

Bayan an karanta lambar daidai, za a iya amfani da ita nan take?

Idan lambar tsawo ce ko adadi ko gurbi, a fara auna ta da abin da zai yiwu. Fayil mai girman bait 50,000 ba zai ƙunshi sashe mai tsawon bait miliyan ɗari ba, don haka kafin a ware ma'adana ko a yi tsalle zuwa wani gurbi, a kwatanta lambar da abin da ya rage a fayil ɗin. Ƙa'idar PNG da kanta ta hana tsawon sashe da faɗi da tsayi su wuce 2,147,483,647, kuma ta hana faɗi ko tsayi su zama sifili, saboda haka shirin da ya duba wannan iyaka zai ƙi faɗin 2,147,942,400 tun a layin da aka karanta shi. Tsayin da aka juya, wato 939,786,240, zai tsallake wannan iyaka domin bai kai ta ba, shi ya sa ake ƙara wani ma'auni da aka san amsarsa tun da farko: tsawon sashen `IHDR` kullum 13 ne, kuma idan shiri ya karanta 218,103,808 a wurin, to jerin ne aka juya.